Fosta da Bayaninta: Yadda Ake Haɗa Su Su Taimaki Juna

A Nima da Maamobi, sanarwar taro kan fita ta hanya biyu. Akwai wadda ake bugawa a maɗaba'un Accra New Town a manna a bangon masallaci ko a ɗaura a bakin titi, akwai kuma wadda ake turawa ta waya. Hoton ɗaya ne, mai zane ɗaya ne ya haɗa shi, sai dai ta waya tana zuwa da wani ƙarin wuri: filin da ake rubuta bayani a ƙasan hoton a WhatsApp da Instagram, ko a samansa a Facebook. A wannan filin ne mutane suke kasuwa gida uku. Wasu su kwafe duk abin da ke kan fostar su sake zubawa, mai karatu ya karanta abu ɗaya sau biyu bai ƙaru da komai ba. Wasu kuma su rubuta "Allah ya ba da ikon zuwa" su tura, alhali fostar ba ta faɗi inda za a sauka daga mota ba. Akwai na uku da ya fi waɗannan ɓarna, shi ne bayanin da ya saɓa wa fostar: ita ta ce ƙarfe goma, shi ya ce bayan azahar.

Kafin a zo ga yadda ake rubutawa, sai an fahimci abin da ya raba rubutun biyu. Kalmomin da ke cikin hoto zane ne. Sau da yawa ba a iya kwafar su kai tsaye a cikin hira, ba a iya danna lambar waya a kira, kuma in an tura ba a iya gyara harafi ɗaya sai an koma wurin mai zane. Amma suna da wani ƙarfi da bayani ba shi da shi: duk inda hoton ya je suna tare da shi. Bayani kuwa rubutu ne mai rai. Ana kwafarsa, ana danna abin da ke ciki, akwatin bincike na WhatsApp yana gano shi bayan mako biyu in mutum ya tuna kalma ɗaya daga ciki. Rauninsa shi ne yana ɓacewa a hanya. Da zarar wata Hajiya ta ajiye hoton a wayarta ta sake ɗora shi a sitatus, ko wani ya ɗauki sikirinshot ya tura wa abokansa, bayanin ya tsaya a baya, hoto ya ci gaba shi kaɗai.

Daga nan ƙa'idar aikin ta fito. Duk abin da in ya ɓace taron zai lalace, wurinsa kan fosta: mene ne, yaushe, a ina, wa ya kira. Duk abin da ake bukatar a danna, a kwafa, a bincika, ko wanda zai iya canzawa kafin ranar, wurinsa cikin bayani. Tsakanin biyun akwai ƴan abubuwa kaɗan da ake maimaitawa da gangan, kuma su ɗin ana maimaita su ne daidai yadda fostar ta rubuta su.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wata makarantar Islamiyya a Maamobi za ta yi walimar saukar Alƙur'ani. Mai zane ya kawo fosta kamar yadda aka saba gani a zanguna: Bisimilla da sunan makaranta da Larabci a sama, babban take da Turanci a tsakiya, hotunan ɗalibai masu sauka a jere cikin fararen kaya, sai rana da lokaci da wuri, sai sunayen manyan baƙi da ƙananan haruffa, sai lambobin waya biyu a can ƙasa. Layin rana da wuri ya ce:

```
Sunday, 12th October
10:00 AM
School Premises, Maamobi
```

Matakin farko ba rubutu ba ne. A buɗe fostar a waya, a girman da mutane za su gan ta, kada a duba ta a kwamfutar mai zane, kada kuma a ja ta da yatsu don a faɗaɗa. A riƙe wayar yadda ake riƙe ta a cikin turoturo, a ƙirga daƙiƙa uku, a kife. Me ya zauna a kai? A wannan fostar abin da zai zauna shi ne take da fuskokin yara, wataƙila da ranar. Sunayen baƙi ba za su karantu ba, lambobin waya ma haka, musamman da yake WhatsApp yana matse hoto in an tura shi ta hanyar da aka saba, ƙananan haruffa su dushe. Wannan gwajin ya raba fostar kashi biyu: abin da ta faɗa da ƙarfi, da abin da ta rubuta amma ido bai kai ba. Na farko ba ya bukatar taimakon bayani. Na biyu yana bukata.

Mataki na biyu shi ne a tambayi fostar abin da baƙo zai tambaya. Ina so a tsaya a nan, domin a nan ne bayani mai kyau yake samun abin faɗa. Wanda ya shirya taro ya san komai, shi ya sa ba ya ganin ramukan da ke cikin sanarwarsa. "Harabar makaranta, Maamobi" cikakken adireshi ne ga iyayen yara. Ga kawun ɗaliba da zai taso daga Ashaiman ko Madina, wannan bai ce komai ba, domin makarantu a Maamobi ba ɗaya ba ne, kuma lungunan unguwar ba su da allon suna a kowace kusurwa. Zai so ya san inda zai sauka da abin da zai gani a bakin layin. Mahaifiyar wata ɗalibar za ta so ta san ko an ware wa mata wuri, ko akwai anko, ko za a iya zuwa da yara ƙanana. Wani tsohon ɗalibi da ke Kumasi zai tambaya ko za a haska taron kai tsaye. Mai son ba da gudummawa zai nemi lambar MoMo da sunan da zai fito masa in ya saka ta. Hanya mafi sauƙi ta gano waɗannan tambayoyi ita ce a miƙa wa wani da ba ya cikin kwamiti wayar a ce, "Malam, in kai aka aiko wa wannan, me za ka tambaya?" Abin da ya tambaya shi ne jikin bayanin.

Yanzu sai rubutu, kuma layin farko ya fi sauran duka nauyi. Instagram yana ba da damar rubuta har haruffa 2,200, amma abin da ke fitowa kafin a yanke bai wuce kimanin haruffa 125 ba, sauran sai an danna. Facebook ma yana yanke dogon rubutu ya saka "See more", WhatsApp ya saka "Read more". Mutane da yawa ba sa dannawa. To ga abin da ya saba faruwa: mai rubutu ya fara da cikakkiyar sallama, ya bi da sunan makaranta gaba ɗaya, ya ce tana farin cikin gayyatar ɗaukacin al'ummar Musulmi maza da mata, kafin ya kai ga maganar an riga an yanke. Ya kashe wurin da ake gani a kan abin da fostar ta riga ta faɗa da manyan haruffa. Ba ina cewa a jefar da sallama ba, a wurinmu rubutun da ya faɗo ba sallama yana da kaushi. A taƙaita ta, a bi ta nan take da abin da fostar ba ta faɗa ba kuma zai sa mutum ya tsaya. A misalinmu, abin da ya fi jan zuciya shi ne yaran kansu: fostar ta nuna fuskokinsu amma ba ta ce komai a kansu ba. Ga yadda bayanin zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Waɗannan yaran da kuke gani sun sauke Alƙur'ani, iyayensu da malamansu suna roƙon ku zo ku sa musu albarka. Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 10:00 na safe, a harabar makaranta, Maamobi. Masu zuwa da turoturo ku sauka a bakin asibitin Maamobi, ku shiga layi na biyu a hannun dama, za ku ga rumfuna. An ware wa mata wurinsu, babu anko. Za a haska kai tsaye a shafin makaranta na Facebook, ƙarfe 10:00 agogon Gana, 11:00 agogon Najeriya da Nijar. Tambaya ko gudummawa: a kira lambar da ke ƙasa."

A lura da abin da aka ɗauko daga fosta da abin da aka bari. Ba a sake rubuta take ba, ba a jero sunayen baƙi ba, ba a maimaita sunan makaranta da Larabci ba. Jumlar farko ta nuna hoton da yatsa, "waɗannan yaran da kuke gani", sai ido ya koma kan fuskokin, daga nan ya dawo kan rubutu. Wannan kai-da-komo shi ne alamar biyun suna aiki tare. Rana da lokaci da wuri kuwa an maimaita su, saboda dalili biyu. Na ɗaya, wanda zai nemi sanarwar ranar Asabar da dare a cikin guruf mai saƙonni ɗaruruwa zai rubuta "sauka" ko "Oktoba" a akwatin bincike, kuma bayani ne zai fito masa da ita. Na biyu, akwai masu raunin gani da ke sa waya ta karanta musu rubutu, akwai kuma wanda datarsa ta yi ƙasa hoton bai buɗe ba, yana ganin dishi-dishi da rubutu a ƙasa. Waɗannan bayani kaɗai suke da shi.

Maimaitawa tana da sharaɗi: kada a canza siffar abin. In fosta ta ce 10:00, bayani ya ce 10:00, kada ya ce "da hantsi". In fosta ta kira wurin harabar makaranta, kada bayani ya ce "ƙofar gidan Malam", ko da kuwa wuri ɗaya ne a wurin ƴan unguwa, domin baƙo zai ɗauka wurare biyu ne ya fara kiran waya. In ana son a ambaci sunan da unguwa ta sani, a haɗa su a jumla ɗaya yadda za a gane abu ɗaya ne. Haka sunayen mutane. Sunaye a Gana suna da rubutu iri-iri, Usman da Osman, Abubakar da Abubakari, Muhammad da Mohammed. Babban limamin ƙasa da kansa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, za ka ga an rubuta sunansa da Osman a wani wuri, da Usman ko Osmanu a wani. A bi rubutun da ke kan fosta, tare da laƙabin da aka sa masa. Wanda fosta ta kira Sheikh, bayani ya mai da shi Malam, ko aka sauke wa wani Alhaji a hanya, maganar ba za ta tsaya a waya ba. In kuma za a ambaci baƙi a bayani, ko dai a kawo su duka bisa jerin fosta, ko a bar su duka. Zaɓen biyu daga cikin shida ya sha jawo ɓacin rai.

Maganar lokaci tana da tarko biyu da suka shafe mu musamman. Na farko shi ne dare. A lissafinmu na Musulunci rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, don haka daren Juma'a shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis. Fostar Maulidi ko ta wa'azi da aka rubuta da Turanci za ta ce Alhamis ƙarfe takwas na dare, mai bayani ya rubuta "daren Juma'a" da Hausa, kuma dukansu sun yi daidai. Amma matashin da ya taso da lissafin boko zai karanta bayanin ya zo ranar Juma'a da dare ya tarar an kwashe tabarmi tun jiya. Maganinsa a rubuta biyun a haɗe: "Alhamis da dare, wato daren Juma'a, bayan sallar isha'i", sannan a saka kwanan wata kamar yadda yake a fosta. Kwanan watan Hijira ma a yi hattara da shi, domin kalandar da mai zane ya duba tana iya bambanta da ganin wata da kwana ɗaya. In fosta ba ta kawo shi ba, ba dole bayani ya ƙara ba.

Tarko na biyu shi ne agogo. Gana tana kan agogon GMT duk shekara, Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya. Landan kuwa tana daidai da Accra a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da awa ɗaya. Fosta ba ta da wurin wannan lissafi, kuma bai kamata a cusa mata ba. Aikin bayani ne, kuma sai in akwai haskawa kai tsaye ko dangin da ke waje da za su bi taron.

Sai harshe, wanda a ganina shi ne babbar damar da masu sanarwa a zanguna suke bari tana wucewa. Yawancin fostocin Accra da Turanci ake yin su, saboda shi ne harshen makaranta da na mai zane, da ɗan Larabci a sama don albarka. Amma maganar gida da kasuwa da masallaci a Nima, Hausa ce, har a bakin waɗanda asalinsu Dagomba ne ko Zabarmawa ko Kotokoli ko Mosi. To in fosta ta yi Turanci, bayani ya yi Hausa, kowanne ya kama mutanensa, kuma sanarwar ta samu murya biyu: ta hukuma a hoto, ta zumunci a ƙasa. Sai dai kada a fassara fostar layi-layi. A rubuta yadda mai shela zai faɗa bayan sallar Juma'a, da Hausar da mutanen wurin suke ji. Hausar Accra tana da hanyarta, kuma bayanin da aka yi wa matan unguwa ba sai ya sa rigar Hausar jarida ba. Akwai kuma gaskiyar da dole a duba: da yawa daga masu jin Hausa a Gana ba su saba karanta ta da boko ba, tunda ba ita suka yi a aji ba. Saboda haka jumloli su zama gajeru, kalmomi su zama na yau da kullum, rana da lokaci kuma a rubuta su da lambobi yadda kowa zai gane ko da bai bi sauran ba. Ga dattawa, saƙon murya na rabin minti da ke bin hoton ya fi kowane rubutu isa, kuma shi ma ƙa'idarsa ɗaya ce: ya faɗi rana da wuri yadda fosta ta faɗa, ya ƙara abin da ba ta faɗa ba.

Abubuwan dannawa su ne suka fi sauƙi, amma a nan ma ana tuntuɓe. Lambar waya da ke cikin hoto sai mutum ya haddace ta ko ya nemi biro, a tsakani ya juya lambobi biyu. A sake rubuta ta a bayani, ita kaɗai a layinta, a kwafe ta daga wayar mai lambar, kada a karanto ta daga fosta, sannan a gwada ta da wadda ke fostar lamba bayan lamba. Da wannan gwajin ake kama kuskuren mai zane. In ana son mutum ya shiga hira da dannawa ɗaya, a yi amfani da wannan tsari, da lambar ƙasar Gana 233 a gaba, a cire sifilin farko:

```
https://wa.me/233XXXXXXXXX
```

A Instagram irin wannan ba ya dannuwa a cikin bayani, don haka a can a rubuta lambar kawai. Lambar MoMo kuwa kullum a haɗa ta da sunan da zai bayyana wa mai turawa, domin mutum in ya ga sunan da bai sani ba zai fasa, ko kuma ya saba tura kuɗi ba ya dubawa, wanda ya fi muni. Adireshin GhanaPostGPS, da aka ƙaddamar a 2017, shi ma wurinsa bayani, tunda jerin haruffa da lambobi ne da ake kwafa a saka a manhaja. Amma kada ya maye gurbin kwatance. Direban tasi da mai tafiya a ƙasa har yanzu da masallaci da gada da mai sayar da waake suke gane hanya.

Fostar kasuwanci tana da nata wurin zamewa, kuma kuɗi ne. Tun da aka sauya sidi a watan Yulin 2007, inda tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, bakin mutane bai gama sauyawa ba. Har yau a kasuwar Nima za ka ji an kira sidi ɗari "miliyan ɗaya". Mai sayar da abaya da fostarta ta ce GH₵150, in ta rubuta "miliyan ɗaya da rabi" a bayani, ƴan unguwa sun gane, amma mai saye daga Lome ko Kano da hoton ya isa gare ta za ta ga farashi biyu. A rubuta GH₵150 a duka wuraren. In kuma kaya ne da farashinsu ke motsi, shawarata a cire farashi daga fosta tun farko a bar shi a bayani. Hoto yana yawo wata da watanni, kuma wata rana wata za ta zo da tsohon hoto a waya ta ce, "Hajiya, ai ga shi nan ke kika rubuta." Fosta ta ɗauki sunan shago da irin kaya da lambar waya, bayani ya ɗauki farashin yau, da launukan da suka rage, da ko ana kaiwa gida.

Wannan dabarar ta barin abin da ke motsi a bayani ita ce kuma ke ceton shirye-shiryen Sallah. Ana haɗa fosta tun azumi bai ƙare ba, alhali ranar Idi tana jiran ganin wata da sanarwar ofishin babban limami. Fostar da ta ce "washegarin Sallah" ba za ta yi ƙarya ba ko wata ya yi 29 ko 30. Daren da aka yi sanarwa sai a sake tura ta da sabon bayani mai ɗauke da rana da kwanan wata.

Murya ma sai ta dace. Fostar addu'ar bakwai ko ta arba'in tana da nauyinta, bayaninta ba ya ɗaukar jerin alamomin wuta da tafi, ba ya ɗaukar "kada ku bari a ba ku labari". Jumla biyu sun isa: addu'a ga mamaci, sai lokacin da za a fara karatu da inda mata za su zauna. Fostar wasan ƙwallo a filin Kawukudi kuwa in aka bi ta da bayani irin na takardar ofis, an kashe mata zafi. A karanta fostar da ƙarfi, a karanta bayanin a bayanta. In kamar mutum biyu da ba su san juna ba ne suke magana, a sake na biyun.

Akwai iyakar abin da bayani zai iya ɗauka, kuma ya kamata a san ta. Mu koma ga walimar Maamobi. A ce kwana huɗu kafin taro babban baƙo ya nemi a mayar da shi bayan azahar, ƙarfe 2:00. Abin da hannu zai fara yi shi ne a sake tura tsohuwar fostar a rubuta a ƙasa, "An canza lokaci zuwa ƙarfe biyu." Wannan ba ya aiki, saboda dalilin da muka fara da shi. Mutane za su ajiye hoton su ɗora a sitatus, bayanin gyara ya faɗi a hanya, 10:00 ta ci gaba da yawo da sabon ƙarfi, kuma kai ne ka ƙara mata. Ranar Lahadi wasu su zo da safe su zauna ƙarƙashin rumfa babu kowa. In abin da ya canza yana cikin huɗun nan, mene ne, yaushe, a ina, wa ya kira, to a koma wurin mai zane. A gyara fostar, a sa mata alamar da ido zai gane sabuwa ce daga nesa, kamar jan ɗamara a sama mai ɗauke da sabon lokaci, domin in ta yi kama da ta farko mutane za su ce sun riga sun gani su wuce. Sannan bayani ya buɗe da canjin kansa: "An mayar da walima ƙarfe 2:00 na rana, ranar ba ta canza ba. Don Allah ku goge tsohuwar fostar ku tura wannan." Haka in Larabcin da ke saman fosta ya fito a wargaje, haruffa a rarrabe ko a juye, kamar yadda yake faruwa in manhajar zane ba ta iya rubutun dama zuwa hagu ba: ba a neman afuwa a bayani, sake fostar ake yi, balle in aya ce.

Kuskuren da ke cikin bayanin kansa ya fi sauƙin magani, amma da lokaci. WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara saƙo bayan an tura, daga nan sai dai a goge a sake. Facebook da Instagram suna barin a gyara rubutu ko bayan kwanaki. Sitatus kuwa ba ya gyaruwa, kuma awa 24 yake yi ya sauka, don haka taron da ya rage mako guda za a ɗora shi sau da yawa. Kada a riƙa manna bayani ɗaya kullum. Fosta tana nan yadda take, bayani yana tafiya da kwanaki: ranar farko gayyata, tsakiyar mako kwatancen hanya, ranar Asabar "gobe ne in sha Allahu, ƙarfe 2:00", safiyar Lahadi inda masu motoci za su ajiye. A sitatus kuma rubutun yana hawa kan gindin hoton ne, daidai inda masu zane suke son ajiye lambobin waya, don haka a taƙaita shi zuwa layi ɗaya ko biyu, ko a roƙi mai zane ya fitar da wani kwafi mai tsawo, 1080 a 1920, ya bar fili a ƙasa.

Kafin a tura wa jama'a, a tura wa mutum ɗaya. A fara aika masa hoton shi kaɗai a tambaye shi yaushe ne kuma a ina. In ya kasa, fostar ce ke da gyara. Sai a aika masa bayanin shi kaɗai ba hoto, a sake yi masa wannan tambayar. In ya amsa, a haɗa masa biyun a ce ya nemo inda suka saɓa: rana da kwanan wata, lokaci, sunan wuri, rubutun sunaye, lambobi. A ƙarshe a sa shi ya danna lambar da ke bayanin, a ji ko wayar da ake nufi ce ta yi ƙara.